Daro Biyu na Inna

Inna, mahaifiyata, sana'arta gumi. Tun da na yi wayo nake ganin rabin duro a tsakar gidanmu a Haɗeja, baƙi ƙirin da hayaƙi, zaune a kan murhu kamar shi ne maigidan. Manoma su kawo mata shinkafa da ɓawonta, ta jiƙa a ruwan ɗumi ta kwana, da safe ta tsame ta turara har ɓawon ya fara buɗe baki, sannan ta baje a rana, mu yara mu yi ta korar awaki da kaji har ta bushe a kai injin casa. Abin da ke dawowa daga injin shi ne shinkafar gumi, ƙwaya tsaf, mai ruwan zuma-zuma, in ka ciza sai haƙori ya yi ƙara. Warin jiƙon nan ya kama tufafinmu har a makaranta ana tsokanata da shi, kuma ban taɓa barin tsokanar ta wuce ba tare da an raba mu da wata ba. Ina da baki tun ina ƙarama, kuma ban ce ya tafi ba.

Bayan gumi, Inna na da wani aiki wanda ba a biyanta, ba kuma wanda ya naɗa ta. Duk gidan da aka yi suna ko biki ko rasuwa a unguwarmu, ita ake kira ta karɓi gudummawa. Al'adar wajenmu ce kowace mace ta zo da ɗan abin da ya sawwaƙa na shinkafa a kwano, rufe da faifai ko murfi, ba a buɗewa a gaban jama'a. Inna takan zauna a bakin ƙofar ɗaki, daga ciki bayan labule ta ajiye daro biyu. Mace ta miƙo kwano, Inna ta cusa hannu ƙarƙashin murfin, idonta na kan fuskar matar tana tambayarta yara, sai ta juya bayan labule ta juye, wani kwanon dama wani hagu. Ta dawo da kwano ta ce, "Allah ya bar zumunci," shi ke nan.

Ni kuwa ina raɓe a cikin ɗakin ina kallo, kuma yaro ba ya rasa lissafinsa. Na lura matan 'yan kasuwa da na ma'aikata, masu ƙamshin turare, kusan duk nasu dama yake tafiya. Zawarawa, da matan masunta, da waɗanda suka zo da silifa kala biyu, nasu hagu. Daron dama shi ake ɗorawa a babbar tukunya a ba baƙi. Na hagu kuwa sai daga baya a yi tuwo da shi, 'yan aiki da mutanen gida su ci. Na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci: Inna tana ware na masu hali daga na talakawa. Abin ya tsaya mini a rai, don mu ma ba wasu masu hali ba ne. Sau ɗaya na tambaye ta, ina budurwa, da irin muryar da ake neman rigima da ita. Ta dube ni ta ce, "Ke dai ki iya bakinki," ta ci gaba da tankaɗe. Inna ba ta da dogon bayani. Ni kuma na ɗauki wannan amsa a matsayin ta amsa laifi, na adana ta shekara da shekaru.

Kada a ce ban san shinkafa ba. 'Yar mai gumi ce ni, kuma na yi aure a nan cikin gari na yi girki na shekaru. Na san gumi ta riga ta sha wuta sau ɗaya a cikin ɓawonta, garin cikinta ya narke ya sake daskarewa, shi ya sa take da taurin kai. Tana son ruwa ninki biyu nata, wani lokaci har da ɗan ƙari, tana son lokaci, kuma ko an ɗan zarce mata ba ta fushi, za ta fito wara-wara. Na san ɗanya, wadda aka casa ba tare da an turara ba, fara ce kamar alli, mai saurin karyewa, ga gari a jikinta. Ita ruwa ɗaya da rabi ya ishe ta, in sabuwar girbi ce ma a rage, a rufe, a sassauta wuta, kada a taɓa ta da ludayi. Ka ba ta ruwan gumi ta caɓe maka, shi ya sa muka fi kai ta tukunyar tuwo. Ka ba gumi ruwan ɗanya ta tsaya maka da gari a ciki. Duk wannan na sani, in aka ajiye mini kowace ita kaɗai. Abin da ban taɓa yi ba shi ne karɓar gudummawa, don muddin Inna na da rai ba wanda ya kalli inda nake.

Inna ta rasu a shekarar da kogi ya cika ya ɓalle. Ruwa ya ci gonaki ta ko'ina, ya yanke hanyoyi, a bakin titi mutane suka kafa bukkoki da buhuna. Danginta suna wani ƙauye a tsallake, ta wajen Kafin Hausa, kuma ba su samu jana'iza ba, domin kafin labari ya isa an riga an kai ta. Sai suka aiko cewa za su zo sadakar bakwai. Ƙanwarta, wadda muke kira Yafendo, ta riga su da kwana ɗaya. Ta iso da yamma, zaninta jiƙe har gwiwa, ɗauke da ƙunshi a ka. Yafendo ƙaramar mace ce, mai magana ƙasa-ƙasa, in tana tsakar gida sai ka manta tana nan. Ta ce mini Kawu, wansu ita da Inna, zai taho da safe da sauran mutane. Sai sun hau kwale-kwale har bakin titi sannan su nemi mota, kuma dole su juya da zarar an yi azahar, saboda mai kwale-kwalen ba ya tsallaka da mutane in rana ta yi ƙasa.

Wato abinci ɗaya za su ci a gidan 'yar'uwarsu, kuma na ƙarshe da za su ci da sunanta. Gidan nan kuwa ba a taɓa jin wani ya shigo ya fita da yunwa ba. Na ƙudura a raina cewa Kawu zai ci shinkafar da zai koma ƙauye yana labarinta.

Da yammacin nan mata suka fara shigowa da kwanuka. Wata maƙwabciyarmu, tsohuwar da ta daɗe tana taya Inna hura wutar gumi, ta jawo daro biyun daga ƙarƙashin gado ta ajiye bayan labule, ta ce mini, "Zauna a wurinta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Na zauna. Na dubi daron nan biyu, sai tsohon haushin ya taso mini, haɗe da kukan da ban gama ba. Na ɗauki na hagu na kife shi a jikin bango. Maƙwabciya ta ce, "A'a, guda za ki yi da shi?" Na ce, "Guda. Yau ba babba ba ƙarami, duk shinkafa sunanta shinkafa." Na faɗa da ƙarfi don a ji, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Ta buɗe baki za ta yi magana, na miƙa hannu na karɓi kwanon farko. Wanda ya san ni ya san ba a tarar numfashina in na ɗauki wannan murya, balle ina cikin makoki. Ta koma wajen wanke-wanke.

Na yi yadda Inna ke yi a komai in ban da abu ɗaya. Na gaishe da kowace mace, na tambayi yara, na juya bayan labule na juye ba tare da na kalla ba, na ce Allah ya bar zumunci. Hannu ne kawai ban cusa ƙarƙashin murfi ba, don ban ga dalili ba. A tsakanin shige da fice Yafendo ta lallaɓo ta kwance ƙunshin da ta zo da shi, ta ce, "Ga namu na can." Yana da nauyi, ya fi na kowa. Na zazzage shi a kan sauran, na sa hannu na gauraya, na rufe daro da tabarma.

Da safe bayan an idar da addu'a a ƙofar gida muka ɗora babbar tukunyar unguwa, wadda sai mata biyu ke ɗauka. Dafa-duka na shirya, da busasshen kifi, domin na san Kawu da kifi. Maƙwabciya ce ta wanke shinkafar. Ta kira ni ta ce, "Zo ki ga ruwan nan." Na leƙa, ruwan wankin fari fat kamar an dama nono. Gumi ba ta yin haka, ruwanta ɗan dishi-dishi ne kawai. Na ɗebo a tafin hannu, na ga ƙwayoyi masu ruwan zuma, a tsakaninsu kuma farare, da yawa karyayyu. Amma na ce wa kaina ai 'yar kaɗan ce, mai yawa za ta ja mara yawa. Na ce, "Ƙara ɗauraye ta, ba komai." Na auna ruwa na gumi, ninki biyu, na ɗan rage saboda babbar tukunya ba ta zubar da tururi kamar ƙarama. Da ya tafasa muka juye, na rufe, na sa aka ƙara itace.

Kawu da mutanensa sun iso tukunya na kan wuta. Na leƙa zaure na gaishe su. Ƙafafunsu duk farar laka ta bushe a kai. Kawu ya tsufa fiye da yadda na bar shi, bakinsa ya lotsa, haƙoran gaba sun tafi. Ya ce, "'Yar nan, ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi." Muka yi kuka kaɗan. Wani daga cikinsu ya ce tun asuba rabonsu da komai, sai ruwan da suka sha a bakin titi. Na ce, "Yanzun nan, Kawu. Ta kusa."

Da na koma na ɗaga murfi, sai na ji sautin ya canza. Shinkafar da ke dahuwa lafiya tana ɗan ƙara ne a hankali, ruwa na sauka ta ramuka. Wannan kuwa tana ɓal-ɓal kamar talge, tana tofo kumfa mai kauri. Na ɗebo a mara na murza. Rabi ya narke a yatsana kamar kunu, rabi kuma ya tsaya mini tsaf kamar tsakuwa. A tukunya ɗaya, a loma ɗaya, ga caɓaɓɓiya ga wadda ba ta nuna ba.

A tsaye a wurin na gane abin da ya faru, kuma ganewar ba ta amfane ni da komai ba. Farar ba kaɗan ba ce, ta kusa rabi. Ga ta sabuwa, ga ta karyayya, tun tafasar farko ta zuƙe ruwa ta kumbura ta fashe, ta saki garinta. Ruwan da na auna wa gumi ya zama koko mai kauri, gumi kuma ba ta iya shan koko. Tana zaune a ciki tana jiran ruwan da aka riga aka shanye mata. In na ƙara ruwa don ta nuna, farar ta ƙarasa zama kunu. In na bari, ta tsaya da ƙarfinta. Ba wani awon ruwa a duniya da zai yi wa su biyun daidai. Kafin na gama wannan tunani hancina ya jiyo ƙauri, domin abu mai kauri ba ya juyawa a tukunya, gindi yake zama ya kama.

Muka janye itace. Na yayyafa ruwan zafi, na shimfiɗa buhu mai tsabta a kai na danne murfi da dutse, ko tururi zai yi abin da ruwa ya kasa. Muka jira. Aka aiko daga zaure ana tambaya. Na ce a ce ta kusa. Na buɗe, saman ya ɗan yi laushi, tsakiya na nan yadda take. Sai na yi abin da na san ba a yi, na ɗauki muciya na juya, wai in kai ruwa ƙasa. Juyin nan ya ƙarasa farar, ya kuma taso da ƙanzon gindi ya raba ƙaurin ko'ina. Kifin Kawu ya dagargaje ya ɓace a ciki.

Matan tsakar gida suka zuba wa tukunyar ido. Ba abin da ya fi wannan kallon ciwo, kallon da mata masu girki ke yi wa tukunyar wata. Kunya ta rufe ni, kuma ni in kunya ta kama ni ba ƙasa nake kallo ba, wanda zan ɗora wa nake nema. Na buga muciya a bakin tukunya na ce, da muryar da ta kai zaure:

"Wai wace marar tsoron Allah ce ta kawo mana wannan tsakin? Shinkafar kaji a sadakar uwata? In mutum ba shi da abin kawowa ai sai ya zo hannu rabbana, ba a dole!"

Maƙwabciya ta ce, "Subhanallahi," a hankali, ta kau da kai. Yafendo na durƙushe a bakin murhu tana janye garwashi da ɗan itace. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da janyewa har bayan garwashin ya ƙare.

Maƙwabciya ce ta karɓi muciyar daga hannuna. Ta ce, "Ba lokacin sake wata, kuma ba wata shinkafar. Mu kwashe saman mu mai da shi tuwo." Muka kwashe abin da bai taɓa gindi ba zuwa wata tukunya, muka ƙara ruwa, muka bar shi ya yi ta dahuwa, sannan ta tuƙa da iya ƙarfinta. Amma gumi ba ta tuƙuwa. Ba ta da danƙo, shi ya sa ba mai hankalin da ke tuwo da ita. Abin da muka samu wani jan abu ne mai mai, ba tuwo ba ba shinkafa ba, da ƙwayoyi a ciki suna tsaye, ga warin ƙauri. Aka yi sauri aka kaɗa miyar kuka. Ana kiran azahar muka kwasa.

Ni na ɗauki tiren Kawu da kaina, domin ban ga wadda zan iya aikawa da shi ba. Na ajiye na koma bayan ƙyaure na tsaya. Na so a ce wani ya yi tsaki, ko ya ture kwano, in samu abin da zan yi fushi da shi. Ba wanda ya yi. Suka yi bismilla suka ci. Ina kallon Kawu yana kai loma, yana juya ta a baki daga wannan gefe zuwa wancan yana neman inda dasashi zai iya, sannan ya haɗiye da ruwa. Ya yi haka sau da yawa. Da ya gama ya suɗe yatsu ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya kai ladan kabarinta." Sauran suka ce amin. Na gwammace a ce ya zage ni.

Yafendo za ta bi su, sai ta shigo ɗakin Inna ɗaukar mayafinta. Ina zaune a bakin gado. Idonta ya faɗa kan daron da na kife a jikin bango. Ta sunkuya ta birkice shi, ta share ƙurar da gefen zaninta, ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. Sannan ta zauna a ƙasa, ta ce:

"Yaya ba ta taɓa gaya miki ba ko?"

Na ce, "Me?"

"Hannun da take sawa. Gumi santsi gare ta, tana zamewa a yatsa kamar ƙwayar tsakiyar wuya. Ɗanya kuwa tana barin gari. Shi take ji, sai ta san inda za ta juye. Ba sai ta buɗe ba, ba sai mai kwanon ta ga an buɗe ba."

Na ce, "Ai na ɗauka na masu kuɗi take warewa."

Yafendo ta yi ɗan murmushi, irin na gajiya. "To ai kusan haka ne, 'yar nan. Gumi sai da itace, sai da duro, sai da filin shanya, ko kuɗin sayen wadda aka gama. Wanda ba shi da su, abin da ya samu zai kai inji ya kawo. Yaya takan ce kowace a ba ta ruwanta. Tuwon da take yi da na hagun, ai kin sha ci. Akwai wanda ya taɓa cewa ga tuwon talakawa?"

Babu. Tuwon nan har rububinsa ake yi, ni kaina nakan ɓoye malmala don ɗumame.

Daga waje aka ce Yafendo ta fito, mota na jira. Ta miƙe ta yafa mayafi. Ta ɗauki tsumman da ta ƙunso shinkafarta a ciki, wanda na jefar a kan buhu jiya, ta kakkaɓe shi. Farin gari ya tashi daga jikinsa ya sauka a kan baƙin zaninta. Na kalli garin, ita ma ta kalla, ta sa hannu ta goge. Ta ninke tsumman ƙanana-ƙanana.

Ta ce, "A cikin kwale-kwale ɗana da Kawunki suka yanko shinkafar nan, kanta kawai suke kamawa a saman ruwa. A kan rufin masallaci muka shanya. Na so in turara ko kaɗan ne, don na san gidan da zan kawo. Bana ba mu samu busasshen itace ba."

Ba ta faɗa da zafi ba. Haƙuri take ba ni. Na durƙusa na kama gefen mayafinta. Ta dafa kaina ta ce, "Tashi, kada su tafi su bar ni," ta zare mayafin a hankali ta fita.

Na bi su har bakin titi ban sa takalmi ba. Kawu na gaban mota, ya leƙo ya ce in koma gida, rana. Sai a nan ya faɗo mini cewa shi ma ya ji abin da na faɗa a bakin tukunya, duk zauren sun ji, kuma sun san shinkafar wa ake nufi tun kafin a kawo musu tire. Da saninsu suka ci, suka suɗe hannu.

Yanzu ni ake kira karɓar gudummawa a unguwar. Ban nema ba, maƙwabciya ce ta ce tunda na ƙona tukunya ɗaya ba zan ƙona ta biyu ba. Ina ajiye daro biyu bayan labule, ina cusa hannu ƙarƙashin murfi ina tambayar yara. In ɗanya ta fi yawa, tuwo ake ba baƙi, gumi ta jira. Kwanakin baya 'yata ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce, "Umma, me ya sa kike raba su?" Na ji amsar Inna ta zo mini har bakin harshe. Na haɗiye ta, na kama hannun yarinyar na tura a daron dama, na tura a na hagu, na ce ta duba yatsunta.

Yafendo kuwa tana nan da ranta. Ruwa ya janye, sun sake shuka, kuma duk kaka tana aiko mini da shinkafa. Na sha aika mata cewa ta turo ɗanya, tuwo nake so, ta daina wahalar da kanta da duro da hayaƙi a shekarunta. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Amma duk ƙunshin da ya iso, in na sa hannu, santsi nake ji. Tun daga waccan shekarar ba ta sake aiko wa gidan nan da ƙwayar da ba ta turara ba.